Kuɗin shago daban, kuɗin gida daban: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu ƙananan shaguna, musamman waɗanda su kaɗai ne masu shagon, su ne masu tsaronsa, su ne kuma ke ɗauke da gida. Lambobin da za a gani a ciki misali ne kawai, ba a jingina su da kuɗin wata ƙasa ba. Kowa ya cire su ya sa nasa.

Shagon nawa ne, kuɗin ma nawa ne. Me zai sa in raba su?

Babu mai musun cewa naka ne. Matsalar ita ce kuɗin da ke cikin aljihun teburinka ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido ba ya bambanta su. Mafi yawansu kuɗin kayan da ka sayar ne, waɗanda dole su koma wajen sari idan kana so gobe ka sami abin sayarwa. Wasu na mai haya ne, wasu na wanda ya ba ka kaya bashi. Ɗan abin da ya rage bayan kowa ya ɗauki nasa, shi ne riba, kuma shi kaɗai ne za ka iya ci ba tare da shagon ya rame ba.

Idan hannunka yana shiga aljihun nan sau biyar ko goma a rana don hidimar gida, ba a rubuta ba, to a ƙarshen wata ba za ka iya cewa ga abin da shagon ya samu ba. In kuɗi sun ƙare, ba ka san ko kasuwa ce ta yi sanyi ko gida ne ya ci fiye da ƙarfin shago ba. Cuta biyu ce, kowace da maganinta, kuma wanda ya cakuɗa kuɗinsa ba ya sanin wadda ke damunsa. Ya kan yi ta neman ƙarin jari alhali jarin da yake da shi ma ta ƙofar gida yake zurarewa.

Kullum ina ciniki, aljihun tebur ba ya rabuwa da kuɗi. Wannan ba alamar riba ba ce?

Alamar ciniki ce. Shago yana iya cika da tsabar kuɗi yana kuma kan hanyar karyewa. Ka ɗauki mutumin da ya daina saro kaya na sati biyu: kuɗi za su taru a hannunsa fiye da kullum, amma kantocinsa suna ta yin fili. Kaya ne suka rikiɗe suka zama kuɗi, bai ƙaru da komai ba. Haka wanda ya karɓi kaya masu yawa bashi, zai ga kuɗi a hannu, amma na mai kaya ne suka kwana a wurinsa.

Akasin haka ma yana faruwa. Wanda ya zuba duk abin da ya samu cikin sabbin kaya zai wayi gari aljihunsa fayau, ya ɗauka watan bai yi kyau ba, alhali ribarsa tana nan jere a kan kanta. Shi ya sa ba a auna riba da tsabar kuɗi kaɗai. Ana haɗa abu huɗu: kaya, kuɗi, bashin da kake bi, da bashin da ake bin ka.

Na shekara da shekaru ina cakuɗa su. Daga ina zan fara?

Kada ka wahalar da kanka da tono abin da ya wuce, ba zai tonu ba. Zaɓi rana ɗaya, gara ranar ƙarshen wata bayan ka rufe shago, ka mai da ita ranar farawa.

A daren nan ka ƙirga duk kayan da ke shago da wurin ajiya, ka yi musu kuɗi a kan farashin da ka saro su. Kada ka yi amfani da farashin sayarwa, domin yin haka lissafa ribar da ba ta zo ba ne. Kayan da suka lalace ko suka daina tafiya, ka sa musu abin da kake ganin za a iya sayensu yau, ko da sifiri ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan karon farko ka daure ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya, saboda duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan lambar zai tsaya.

Sannan ka ƙirga tsabar kuɗin shago da abin da ke asusu. Ka rubuta sunayen waɗanda kake bi bashi da abin da ke kan kowa. Ka rubuta waɗanda ke bin shagon: masu ba ka kaya, hayar da ta wuce ba ka biya ba, rancen da ka ci don shago. Haɗa kaya da kuɗi da bashin da kake bi, ka cire bashin da ake bin ka. Abin da ya rage shi ne jarinka na gaskiya a wannan rana. Mutane da yawa sukan razana da ƙanƙantarsa, wasu kuma sukan ga ya fi abin da suke zato.

Wannan dabara tsohuwa ce. Luca Pacioli, masanin lissafin Italiya da ya wallafa bayanin tsarin ajiye lissafin 'yan kasuwa a birnin Venice a 1494, da wannan ya fara koyarwarsa: ɗan kasuwa ya rubuta duk abin da ya mallaka da duk abin da ake bin sa, a cikin rana guda, kafin ya buɗe littafi.

Daga washegari, kuɗin shago su sami wurinsu, kuɗinka su sami nasu. Jaka biyu, ko akwati biyu, duk sun wadatar.

To ta yaya kuɗi za su riƙa fita daga shago zuwa gida?

Ta ƙofa ɗaya: albashin da ka yanka wa kanka. Adadi ɗaya, rana ɗaya. Ina ganin na sati ya fi na wata dacewa da ƙaramin shago, domin gida ba ya jiran ƙarshen wata, kuma wanda ya ɗauki na wata gaba ɗaya yakan cinye shi kafin ranar ashirin ya dawo yana ɗiba. Wanda hidimarsa ta kullum ce yana iya yin na rana, muddin adadin ba ya canzawa da yadda ciniki ya kasance. Ranar da kasuwa ta yi kyau ba ranar ƙarin albashi ba ce, ita ce ke rufe ramin ranar da ba ta yi ba.

Nawa za ka yanka? A watan farko ba ka san ribar ba tukuna, don haka fara da abin da gida ke bukata a zahiri. Rubuta hidimar gida ta sati biyu, ka ga matsakaicin abin da take ci, ka sa shi a matsayin albashin gwaji. Bayan wata biyu ko uku na lissafi, ribar za ta bayyana, sai ka daidaita. Ka'idar ita ce albashin ya zauna ƙasa da ribar watan da kasuwa ta fi sanyi a cikin waɗanda ka auna. Idan ka ɗora shi a kan watan da ya fi kyau, sauran watannin jari ne zai riƙa cikawa.

A nuna mini yadda ake fitar da ribar wata, da lambobi.

Bari mu ɗauki wata mai shago, mu bi ta wata guda.

Ranar farawa ta ƙirga ta sami kaya na 400,000 a farashin sari, kuɗi 60,000, tana bin mutane 40,000, mai ba ta kaya kuma yana bin ta 100,000. Na farkon uku sun tashi 500,000, a cire 100,000, jarinta 400,000 ke nan.

Ƙarshen wata ta sake ƙirgawa. Kaya sun koma na 370,000, kuɗi 45,000, bashin da take bi ya hau zuwa 55,000, wanda ake bin ta ya sauka zuwa 90,000. An haɗa 470,000, an cire 90,000, saura 380,000.

Jari ya ragu da 20,000. Da a ce ba ta raba kuɗinta ba, nan lissafin zai tsaya, ta ce shago ya yi asara, wataƙila ta fara tunanin sauya sana'a ko zargin wanda ke taya ta tsaro. Amma tana da shafi ɗaya a littafinta inda take rubuta duk abin da ya ƙetara tsakanin shago da gida. Shafin ya nuna ta ɗauki albashi 15,000 sau huɗu, wato 60,000. Gida ya ɗauki kaya na 12,000. An yi rashin lafiya ta ciri 18,000. Jimla 90,000 ta fita. A ɗaya gefen kuma, wata rana kuɗin sari bai cika ba ta ƙara 10,000 daga jakarta.

Ga yadda ake haɗawa: jarin ƙarshe, a cire jarin farko, a ƙara abin da aka ɗauka zuwa gida, a cire abin da aka sako daga gida. Wato 380,000 ban da 400,000, an sami giɓin 20,000. A ɗora 90,000 a kan giɓin, ya zama 70,000. A cire 10,000 da ta sako. Riba 60,000.

Ashe shagon bai yi asara ba. Ya samar da 60,000, ita kuma ta ɗauki 80,000 idan an cire abin da ta mayar. Bambancin 20,000 ɗin nan daga jari ya fito. Idan aka ci gaba a haka wata goma, rabin jarin ya tafi, kuma babu ranar da za ta nuna ta ce yau ne abin ya faru.

Akwai abu biyu da wannan lamba ke koya mata. Cinikinta a watan ya kai 600,000, to a cikin kowane 100 da ya shiga aljihun tebur, 10 ne kawai nata. Duk ranar da ta ga 20,000 a aljihu ta ji ta yi kuɗi, abin da ke nata a ciki bai wuce 2,000 ba. Na biyun ya fi ɗaci: 60,000 ɗin nan har da ladan zamanta a shago daga safe zuwa dare. Idan da za ta ɗauki mai tsaro ta biya shi 40,000, abin da jarin kansa ya haifar 20,000 ne. Wannan ce lambar da ya kamata ta duba kafin ta ci bashi don faɗaɗa shago.

Kayan da gida ke ɗauka daga shago fa? Ai ba kuɗi ba ne.

Kuɗi ne, da su ka saro su. A shagon da ke sayar da kayan amfanin yau da kullum, wannan ita ce ɓarakar da ta fi wuyar gani, domin ɗaya-ɗaya ake ɗauka, kuma sau da yawa ba kai ne mai ɗaukar ba.

Hanya biyu ce. Ko dai gida ya saya kamar kowa, a biya daga albashinka a sa a aljihun tebur, ko a rubuta a shafin gida a kan farashin sari. Ta farkon ta fi tsabta, domin babu abin da za a manta. Ta biyun ta fi sauƙin karɓuwa ga iyali, waɗanda kan ji nauyin a ce su biya a shagon gidansu. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Abin da ka bayar kyauta ga ɗan'uwa ko maƙwabci shi ma a shafin gida zai shiga. Alherinka ne, kai ka yi shi, bai kamata a ɗora wa shago ba.

Idan larura ta taso albashi bai isa ba, in bar ta saboda littafi?

A'a. Babu wanda zai ce ka bar mara lafiya a kwance kana kallon kuɗi a aljihu. Ka ɗauka, amma ka rubuta a takarda ka jefa a inda ka ciri kuɗin: kwanan wata, adadi, dalili. Da dare takardar ta shiga littafi. Sannan ka yanke hukunci a kai, ko rance ne da za ka riƙa biya daga albashi kaɗan-kaɗan, ko ka ɗauke shi ne daga ribar watan. Kowanne ya yi, in dai an rubuta.

Abin lura shi ne yawan takardun. Idan kowane wata sai an sami uku ko huɗu, sun daina zama larura, hidimar gida ce da ba ka sa a lissafi ba. Ko dai albashin ya yi kaɗan, ko kana bukatar ware wani abu daga cikinsa kowane sati a ajiye a gefen gida domin irin wannan rana.

Masu saye suna tura kuɗi ta waya zuwa asusuna. Dole in buɗe wani?

Shi ya fi. Asusun da kuɗin ciniki ke shiga, ake kuma cire kuɗin makaranta da na katin waya daga gare shi, ya koma tsohon aljihun nan da muke gudu, ya ma fi shi haɗari saboda ba ka ganin kuɗin suna raguwa da idonka. Asusu na biyu, ko da na cikin waya ne, ya wadatar ga ƙaramin shago. Sharuɗɗan buɗe asusu da sunan kasuwanci sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma don ganin riba, abin da ake bukata shi ne asusun da ba ya yin komai sai hidimar shago. Daga cikinsa sau ɗaya a sati ka tura wa kanka albashi.

Idan wani ya yi kuskure ya tura kuɗin kaya cikin asusunka na gida, ka mayar da su na shago a ranar, adadin daidai ba ragi.

Waya ɗaya nake amfani da ita, abin hawa ɗaya, shagon ma a jikin gidana yake. Yaya zan raba?

Ka yanke kaso sau ɗaya ka daina tunaninsa. Idan kana ganin rabin man abin hawanka a kan sari da kai kaya yake tafiya, shago ya biya rabi kowane wata. Haka wuta, haka waya. Ba sai kason ya zama daidai wa daida ba, amma kada ya riƙa canzawa gwargwadon wanda ke da kuɗi a watan. Ɗakin da ke jikin gidanka kuwa, ko ba ka karɓi haya daga shago ba, yana da kyau ka san abin da za a biya ka da wani ka ba wa, domin ribar da ba ta kai kuɗin hayar ɗakin ba tana gaya maka wani abu.

Lissafi ya nuna riba, ban wuce albashina ba, amma kaya suna raguwa. Ina matsalar?

Wuri uku za ka duba, kuma na farko ya fi yawa a lokacin da farashi ke hawa. Ka saro abu 100 ka sayar 120, littafi ya ce ka sami 20. Ka koma sari ka tarar ya zama 115. Idan ka riga ka ci 20 ɗin nan, kuɗin da ke hannunka ba za su sayo abin da ka sayar ba. Abin da za ka iya ci ba tare da kanta ta yi fili ba 5 ne. Maganinsa shi ne ka riƙa sa farashin sayarwa a kan sarin yau, kuma ka zaɓi kaya biyar ko shida da suka fi tafiya ka riƙa rubuta yawansu a ƙirgar kowane wata, ba kuɗinsu kawai ba. Idan kuɗin kaya yana nan yadda yake amma kwalaye sun ragu daga 40 zuwa 33, jari ya ragu, komai littafi ya ce.

Na biyu shi ne kuɗaɗen da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Hayar 120,000 a shekara tana nufin shago yana cin 10,000 kowane wata, ko mai gida ya zo ko bai zo ba. Wanda bai ware su ba zai ga riba mai kyau wata goma sha ɗaya, a na goma sha biyu ya sayar da kaya ya biya haya. Gyaran firji ko sauya ma'auni ma haka ne. A ware musu wani abu kowane wata a ajiye daban, kuma a cire shi kafin a ce ga riba.

Na uku shi ne bashin da ya mutu amma yana nan a littafi. A misalin da ya gabata, bashin da matar ke bi ya hau daga 40,000 zuwa 55,000, kuma an lissafa shi duka a cikin jarinta. Idan 15,000 daga ciki yana hannun wanda ya ƙaura ko ya daina ɗaga waya, ribarta ta gaskiya 45,000 ce. Ni dai shawarata, bashin da ya wuce wata uku ba a taɓa shi ba, a fitar da shi daga lissafin jari. A ci gaba da bin sa, in ya dawo ya zama ƙari.

Ban yi karatun lissafin kuɗi ba. Wannan ba aikin akanta ba ne?

Littafi ɗaya mai shafi uku ya isa: abin da ya shiga da abin da ya fita a shago, abin da ya ƙetara tsakanin shago da gida, sai bashi. Ƙirgar kaya kuma sau ɗaya a wata.

An ma taɓa gwada wannan. A wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Dominika, wanda Alejandro Drexler da Greg Fischer da Antoinette Schoar suka wallafa a 2014, an koya wa wasu masu ƙananan sana'o'i darasin akanta na al'ada, wasu kuma aka koya musu 'yan ka'idoji masu sauƙi, irin su ajiye kuɗin sana'a da na gida a wuri biyu daban da yanka wa kai albashi. Waɗanda aka koya wa ka'idoji masu sauƙin ne suka fi gyara yadda suke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda iliminsu na lissafi bai yi zurfi ba tun farko.

Sai dai a san iyakar abin. Raba kuɗi ba ya ƙara ciniki, ba ya kuma gyara shagon da farashinsa bai rufe kuɗin sari da haya ba. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka hakan da wuri, tun jari yana nan. Kuma idan shago ya girma har ya kai ga ma'aikata da haraji da rancen banki, lokacin neman akanta ya yi.

Da dare na ƙirga kuɗi ba su dace da littafi ba. Me zan yi?

Da farko ka tabbata kana da abin da za ka gwada da shi. Kowace safiya a bar canji adadi ɗaya a aljihun tebur, a ce 5,000. Da dare, canjin safe da cinikin hannu na ranar da bashin da aka biya ka hannu da hannu, a cire abin da aka kashe daga aljihun, shi ne abin da ya kamata ka tarar. Cinikin da aka biya ta waya da wanda aka ɗauka bashi ba sa cikin wannan lissafi, kuma mantawa da haka shi ne kuskuren da ya fi yawa a satin farko.

Idan an sami giɓi, kada ka cike shi daga jakarka, kada kuma ka gyara lambar ciniki don ta dace. Rubuta giɓin yadda yake a gefen shafi. Ƙaramin bambanci da ke zuwa yau sama gobe ƙasa yawanci kuskuren canji ne. Wanda kullum ƙasa yake, kuma kusan adadi ɗaya, akwai abin da ake kashewa ba a rubutawa, kuma kafin ka kalli yaron shago ka fara duba kanka: ɗan abin da ka miƙa wa yaro da safe, kuɗin mai da ka zara a tsaye, wanda ka ce za ka rubuta anjima. Bayan sati biyu ka jera giɓin kusa da ranakun, ka duba wa ke shago a kowace rana da kuma lokacin da ka fita.